Yadda Ake Shirya Wasan Baƙin Hannu Don Koya Wa Ƙananan Yara Wanke Hannu da Sabulu

Tun ranar da wasu malamai 'yan'uwana suka leƙo makarantarmu suka tarar da 'yan ajina sun yi layi a bakin jarka kafin a fita tara, ba tare da na ɗaga murya ba, tambayar ba ta yanke ba. Wata daga Dorayi, wani daga Kurna, wata uwa daga Gwale mai tara yaran maƙwabta a soro da yamma, kowa so yake a faɗa masa yadda ake yi daki-daki. To ga shi na rubuta yadda nake yi da yara 32 'yan shekara 4 zuwa 6. Mai yara goma ya rage, mai sittin ya raba su kwana biyu.

Abu guda nake roƙo ku riƙe tun daga farko: a wannan wasa ba wanda ya riga gamawa ke ci ba, wanda hannunsa ya fita tas shi ke ci. Duk sauran matakan a kan wannan aka gina su.

1. Tanadin kaya

Abin da za ku saya bai wuce uku ba: sabulu, ruwa da igiya. Sauran duk akwai su a gida ko a bayan aji.

Ku nemi jarka biyu masu cin lita 5, irin waɗanda aka gama amfani da man girkin ciki, a wanke su da omo har ƙanshin mai ya tafi. Sai sabulun wanki sanda ɗaya a yanka gida huɗu, da robar wanki biyu na tarar ruwan datti, da ƙusa, da gawayi ɗan kaɗan, da man girki cokali 2, da ƙananan kwanuka huɗu, da marafan kwalba masu yawa na ƙirga maki.

Lissafin ruwa shi ne inda mutane suka fi jin tsoro, musamman mu da muke saye wajen 'yan garuwa. Idan ruwan na zuba siriri, yaro ɗaya ba ya wuce kofi guda, wato kamar kwatan lita. Yara 32 sun sha lita 8 ke nan. Jarkar mai ruwa guda mai lita 25 za ta yi muku wasa uku. Idan kuwa da moɗa ake kwarara wa yaro, rabin ruwan a ƙasa yake ƙarewa, jarkar ba za ta kai ko'ina ba.

Inda sabulu ke yawan ɓata, ko ɓera da akuya suka saba ɗauke shi, ku haɗa ruwan sabulu: garin omo giram 30, wato kamar cokali 2 na cin abinci a cike, a cikin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda marfin da ƙusa, a girgiza.

Gargaɗi: kada ku yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba fetur, kalanzir ko maganin feshi, komai wankinta. Gorar ruwan sabulu kuma a ɗaura mata jan ƙyalle a rataye ta da igiya, domin yaro ɗan shekara 4 yana ganin gora zai kai baki.

2. Kafa wurin wanki kafin a kira yara

Idan filinku ƙasa ne, ku yi famfon jarka. A kafa sanduna biyu masu gwafa, a gitta ta uku a sama, a zura ta ta hannun jarkar yadda za ta riƙa lilo. A ɗora ƙusa a wuta, a huda ƙaramin rami guda a kafaɗar jarkar, ƙasa da marfi kaɗan, ta ɓangaren da ba hannu. A ɗaura igiya a wuyanta, ɗaya bakin igiyar a ɗaure a ƙarshen wata sanda da ke kwance a ƙasa, kanta a ɗage. Yaro ya taka sandar, jarka ta sunkuya, ruwa ya zubo. Ya ɗaga ƙafa, ruwa ya tsaya. A haƙa ɗan rami a ƙasan a cika da tsakuwa don kada wurin ya zama taɓo. Marfin jarkar kada a ɗaure shi tamau, a ɗan sassauta don iska ta shiga, in ba haka ba ruwan zai riƙa fitowa yana yankewa.

Amma mu faɗi gaskiya, yawancin makarantunmu na cikin gari tsakar gida ce da aka yi wa siminti, babu inda za a kafa sanda. A nan bokiti mai famfo a kan benci, da roba a ƙasa, ya wadatar. In shi ma babu, babbar yarinya daga aji huɗu ko biyar ta riƙe buta tana zubawa. Butar dai ta zama sabuwa ko wadda aka ware, ba wadda ake shiga bayi da ita ba.

Tsayin bakin ruwan ya tsaya daidai ƙugun yaro. Idan ya yi sama, ruwan zai bi hannu ya gangara hammata ya jiƙa riga, gobe uwa ta zo da ƙorafi, kuma da gaskiyarta.

Gargaɗi: kada a ajiye roba ɗaya cike da ruwa a ce kowa ya tsoma hannu. Na san haka da yawanmu muka taso, kwanon wanke hannu ɗaya ya zagaye mutum takwas kafin a fara cin tuwo, amma na ƙarshe da dattin mutum bakwai yake wanke nasa hannun. Ruwa zubowa zai yi a kan hannu ya wuce, kuma abin da ya taru a roba kwata za a kai shi.

3. Raba ƙungiyoyi

Yara 32, ƙungiya huɗu, takwas-takwas. Ku bar su su zaɓi suna da kansu. Nawa sukan zaɓi Zaki, Giwa, Shaho da Barewa. Ku gauraya manya da ƙanana a kowace ƙungiya, domin ɗan shekara 6 shi zai riƙe wa ɗan shekara 4 hannun riga. A naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu, mata su mayar da hijabi baya a soke.

Kafin a fara ku duba hannun kowa. Wanda ke da ciwo a buɗe, ko ƙazwa, ko makero, ba zai yi musabaha a mataki na gaba ba. Kada a ce masa ya koma gefe, a naɗa shi mai riƙe da kwanon maki, ya tsaya kusa da ku. A wurin yara wannan muƙami ne, har rigima suke yi a kansa. Bayan an tashi ku yi wa iyayensa magana a keɓe su kai shi asibiti.

4. Baƙin hannu: a nuna musu abin da ido ba ya gani

Yaro ƙarami ba ya gane maganar ƙwayoyin cuta. Ka ce masa akwai wani abu a hannunsa, ya duba bai ga komai ba, shi ke nan zance ya ƙare. Aikin gawayi shi ne ya sa abin ya fito fili.

A daka gawayi ya yi laushi, a tankaɗe da rariya don kada tsini ya kankare fata. A kwaɓa cokali 1 na garin da cokali 2 na man girki. Wannan ya ishi aji duka, har ya ragu. Amfanin man shi ne ruwa zalla ba ya fitar da shi, kamar yadda ruwa zalla ba ya fitar da maiƙon da datti ke maƙalewa a ciki a fatar hannu.

Kowace ƙungiya ta tsaya a layi. Ku ɗiga ɗan kwaɓin, kamar girman ƙwayar wake, a tafin na gaba, ya murza hannuwansa biyu ciki da baya. Sai ya juya ya gaisa da na bayansa hannu bibbiyu, na bayan ya gaisa da na bayansa, har ƙarshen layi. Daga nan ku ce kowa ya ɗaga hannu sama.

Ku ɗan tsaya a nan, kada ku yi gaggawa, domin nan ne darasin yake. Ku tambaye su, “Wa na shafa wa?” Za su nuna na gaba. “To kai na biyar, wa ya shafa maka?” Ranar da na fara yi, wata yarinya ta kalli hannunta ta ce, “Malama, ni fa ban taɓa kwanon ba.” Na ce mata haka zawo yake yi, ba sai kin shiga bayin da kanki ba, ya isa ki gaisa da wanda ya shiga bai wanke ba. Wannan jimla guda ta ishe su. Kada a tsaya ana jero musu kwalara da taifot da tsutsar ciki. Ku ce ciwon ciki da zawo, waɗannan sun san su.

Waɗanda ke ƙarshen layi baƙin ba zai kama su sosai ba, don haka kafin wanki ku bi ku ɗan ƙara wa kowa, ya murza har tsakanin yatsu.

Gargaɗi: kada a yi da lalle, kurkur ko manja, domin suna rina fata da tufafi, yaro zai cuɗa iya cuɗawa launi bai fita ba, ya ɗauka sabulu ba ya aiki. Kada kuma a kusanto da barkono ko masoro. Daga lokacin da aka shafa baƙin, doka ita ce hannu a sama, ba taɓa ido, ba taɓa baki.

5. Ruwa zalla ko sabulu

Wannan minti biyu ne kacal. Ku fito da shugabannin ƙungiya biyu. Ɗaya ya wanke da ruwa kawai, ɗaya da sabulu. Su ɗaga hannu, aji ya yanke hukunci. Na ruwa zalla zai fito da hannu toka-toka yana sheƙi. Sai a ba shi sabulu ya ƙarasa, a tafa masa.

A nan nakan kawo maganar tsarki, domin yaranmu sun san buta tun suna ƙanana. Nakan ce musu tsarki wajibi ne, alwala ma haka, amma hannun da ya yi tsarki yana buƙatar sabulu kafin ya taɓa abinci ko ya gaisa da wani.

6. Koyar da waƙar cuɗawa

Abin da masana lafiya ke cewa shi ne a cuɗa hannu da kumfa aƙalla sakan 20, ban da jiƙawa da ɗauraya. Ɗan shekara 5 bai san sakan ba, kuma idan aka ce ya ƙirga zuwa ashirin zai zuba su a numfashi ɗaya. Shi ya sa ba mai wankin ke riƙe lokaci ba, ƙungiyarsa ce, da bayarwa da amshi kamar na gaɗa. Ga wadda na tsara wa ajina:

Tafin hannu! Mun cuɗa!
Bayan hannu! Mun cuɗa!
Tsakanin yatsu! Mun cuɗa!
Babban yatsa! Mun murza!
Bakin farce! Mun goge!
Wuyan hannu! Mun zagaye!

Malama ko shugaban ƙungiya ke bayarwa, sauran su amsa, sannan su buga ƙafa a ƙasa sau huɗu kafin a shiga layi na gaba. Da ƙafa za a yi, ba tafi ba, tunda hannuwa da baƙi. Ku gwada da agogon waya sau ɗaya: idan baituka shidan ba su kai sakan 20 ba, ku ƙara bugun ƙafa ya zama shida. Bakin farce ana goge shi ne a tsakiyar tafin ɗaya hannun, babban yatsa kuma a kama shi da ɗaya hannun a murza, dama da hagu. Ku yi ta da busasshen hannu sau biyu kafin a je ga ruwa.

7. Gasar kanta

Wurin wanki biyu ne, ƙungiya huɗu. Zaki da Giwa su fara, kowace da nata famfon, Shaho da Barewa su zauna su zama 'yan kallo masu taya amshi, sannan a juya.

Yaro ya fito, ya jiƙa hannu, ya saki ruwa, ya shafa sabulu, ƙungiya ta rera baituka shida yana bi, ya ɗauraye har santsi ya tafi, ya yarfe hannu, ya zo gaban alƙali. Alƙali ku ne, ko wani babba. Wuri uku kawai za a duba: gindin babban yatsa, tsakanin yatsu, da bakin farce. Kowane wuri da ya fita tas, marfin kwalba ɗaya a kwanon ƙungiya. Yaro ɗaya zai iya kawo uku, ƙungiya mai mutum takwas iyakarta 24.

Wanda aka ga saura a hannunsa yana da damar komawa sau ɗaya, kuma wani ɗan ƙungiyarsa da ya riga ya wanke ya raka shi ya nuna masa wurin. Idan ya gyara, a ba shi makinsa cikakke. Wannan doka ita ta fi komai amfani a wurina, domin da ita yara suka fara koya wa junansu, ni ina gefe.

Ga yadda ta kasance a wani zagaye. Zaki sun riga Giwa gamawa da kusan minti biyu, suna ta tsalle. Da aka zube kwanuka, Zaki na da 17, Giwa 22. Na kira yaran Zaki muka duba tare, sai ga shi kusan duk makin da suka rasa a babban yatsa ne da farce, domin mai bayarwarsu yana cinye baitin huɗu da na biyar don sauri. Mako na gaba da kansu suka canza mai bayarwa.

Da farkon fara wannan aiki tsere na mayar da shi, ƙungiyar da ta riga gamawa ita ta ci. Cikin mako biyu yara sun ƙware wajen tsoma hannu su zare a sakan uku, har wani ya zame a kan siminti mai kumfa ya fasa leɓe. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da hannuna na koya musu abin da nake son hanawa. Don Allah kada ku sa gudu a kusa da ruwa da sabulu.

Kowane yaro yakan ci kamar minti ɗaya, don haka zagaye biyu minti 16 ne zuwa 20. Da shiri da baƙin hannu, ku ware minti 35. Idan ya haura haka ƙananan za su fara kuka ko faɗa.

Gargaɗi: babu tawul ɗaya na kowa da kowa, babu goge hannu a riga ko hijabi. A yarfe, a kaɗa hannu a iska kamar tsuntsu har ya bushe. Marafan kwalba kuma su zauna a kwano, a ƙirga su kafin da bayan wasa, kada a bar su a hannun ƙanana.

8. Wasan “Yaushe?”

Sanin yadda ake wankewa daban, tuna lokacin daban. Wannan wasa ba ya buƙatar ruwa, don haka a nan an yarda a yi gudu. A ja layi biyu a ƙasa da alli ko gawayi, ɗaya sunansa Sabulu, ɗaya Wuce. Ku riƙa kiran hali: “Na fito daga bayi!” “Umma ta zuba abinci!” “Na sa hulata!” “Na fyace majina!” “Na taɓa akuya!” “Na ji kiran salla daga nesa!” “An saya mini awara!” Kowace ƙungiya ta riƙe hannun juna ta ruga layin da ya dace. Idan ƙungiya ta rabu biyu ba ta da maki, ko da rabin sun yi daidai, don su koyi jawo juna.

Ga 'yan shekara 4, ku tsaya a kan lokaci biyu tukuna, bayan bayi da kafin cin abinci. Sai sun zauna daram ku ƙara sauran.

9. Tari da farce, a taƙaice

Ana iya ɗora wasu ɗabi'un a kan ƙungiyoyin nan. Ku ce “Atishawa!” ba zato, ƙungiyar da kowa ya kai hanci cikin lanƙwasar gwiwar hannu ta samu marfi ɗaya. Farce kuma a duba ranar Litinin, amma yankan aikin gida ne. Kada malami ya ɗauki reza ɗaya ya bi yara da ita, akwai cututtukan da ke bin jini.

Kuma ko da wasa kada a kira yaro ƙazami, kada a bari 'yan ƙungiya su yi masa ihu. Sau da yawa yaron da ya zo da datti gidansu ne ba ruwa tun jiya.

10. Mayar da wasa al'adar kullum

Baƙin gawayi sau ɗaya a mako ya isa a watan farko, daga nan sau ɗaya a wata. Abin da za a yi kullum shi ne waƙar da layin, minti goma kafin tara, ƙungiya bayan ƙungiya, ba maki. Kowane mako ƙungiya ɗaya ke da alhakin sanar da ku idan ruwa ko sabulu ya ƙare, kuma wani babba takamaimai ke da alhakin cika jarka da safe. Inda aka ce kowa zai cika, jarkar a bushe take kwana. Sabulun a huda shi a rataye da igiya a jikin sandar, ko a sa shi cikin ragar soso.

Da hunturu ruwan safe yana da sanyi, yara za su riƙa noƙewa, hannu kuma yana tsagewa. Ku ajiye jarkokin a rana tun da aka shiga aji, ku rage omo ku koma sabulun wanka, a shafa ɗan basilin bayan hannu ya bushe. Da damina, lokacin da amai da gudawa suka fi yawo, ku ƙara layi na biyu kafin tashi. Yaron da ya zo da zawo ba wasa yake buƙata ba, a kira gida, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, a kai shi asibiti.

Ranar 15 ga Oktoba ce Ranar Wanke Hannu ta Duniya, ana yin ta tun 2008. Idan kuna son iyaye su gani da idonsu, ku gayyace su ranar, ku sa su a layi su ma a shafa musu baƙin, yara su zama alƙalai.

Don ku san ko abin ya kama, kada ku tambayi yara, domin kowa zai ce yana wankewa. Ku ja layi da alli a jikin jarka daidai inda ruwa ya tsaya da safe, ku duba da rana. Ku duba sabulun ko a jiƙe yake. Sannan ku zaɓi rana guda ku yi shiru lokacin tara, ku tsaya daga bakin taga ku ƙirga yara nawa suka nufi jarka da kansu. Idan ba su kai rabi ba, ku fara duba inda jarkar take. Sau da yawa tana can bayan aji ne, alhali ya kamata ta tsaya a kan hanyar da ke tsakanin bayi da inda suke zama su ci abinci.